Wasiƙar da edita ya aiko min kan littafina, da yadda na kwance shi na sake ɗaurawa

Ranar da wasiƙar ta shigo ina cikin danfo ne daga Oshodi zan koma Agege, gosulo ya riƙe mu wajen Ikeja, sai na ji waya ta yi ƙara na duba na ga fayil daga Malam, shafi 6. A raina na ce to Alhamdulillahi ya gama gyara, gobe sai Shomolu wajen masu buga littafi. Na buɗe na karanta shafin farko, kafin mu kai Agege wallahi har na kashe wayar na jefa a jaka, matar da ke kusa da ni tana ta kallona wai ko rasuwa aka yi min.

Bari in koma baya kaɗan dan ku gane. Littafin nan wata bakwai na yi ina sakinsa a guruf ɗin WhatsApp, feji 96, kusan duk bayan kwana biyu feji ɗaya, mata suna bi suna kuka suna zagin mugun cikin labarin, har wasu suna bina ta bayan fage suna roƙon kar in kashe wance. Da na gama sai aka yi ta zuga ni in buga shi ya zama littafi na takarda. Na haɗa fejojin nan na yanka su babi 40, na duba ƙasan Word na ga kalma 131,000, ni a lokacin alfahari ma nake da yawan. Malam kuwa abokin marigayi babanmu ne, tsohon malamin Hausa ne da ya daɗe yana duba wa mutane rubutu kafin a buga, yana zaune Idi-Araba. Na kai masa da kaina, na durƙusa na gaishe shi na ce Baba so nake a duba min ƙa'idar rubutu, inda na haɗe kalma a raba, inda na manta ƙugiya a sa min. Ya ce to 'yata, ki ba ni sati biyar. Na ce sati biyar Baba, dan ƙugiya kawai? Ya yi murmushi bai ce komai ba.

Sai da na kwana biyu ina fushi sannan na sake buɗe wasiƙar da daddare bayan yara sun yi barci. Yanzu da na huce ina ganin tsarin da ya bi wajen rubuta ta ma abin dubawa ne, dan bai fara da laifi ba kuma bai fara da yabon nan na fatar baki ba. Da labarina ya fara. Ya rubuta min shi a layi biyar: yarinya ce, Ladi, an kawo ta daga wani ƙauye na ƙasar Kano a 1998 an aura wa ɗan kasuwar goro a Agege a matsayin ta biyu, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ƙanin mijin yana son sayar da gidan, ita kuma ba ta da kowa a Legas kuma ba ta son komawa ƙauye hannu rabbana. Sai ya ce, “Idan wannan ne littafin da kika yi niyyar rubutawa, ci gaba da karanta wasiƙar nan. Idan ba shi ba ne, ki tsaya ki kira ni, dan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan fahimtar na ɗora shi.”

Shi ne kuwa. Kuma a nan ya kama ni, dan cikin layi biyar ɗin nan, layi huɗu duk abin da ya faru ne daga babi na 14 zuwa sama. Babi 13 na farko, kusan kalma 40,000, rabin layi suka samu a taƙaitawarsa.

Daga nan ya yi yabo, gajere amma da lambar shafi. Ya ce fitowar da Ladi ta fara fita kasuwa bayan ta gama takaba, ba ta jin Yarbanci, tana nuna tattasai da yatsa mai kayan tana mata dariya, wannan fitowar da rai take, da kuma hirar tsofaffin matan Zango da suke cakuɗa Hausa da Yarbanci, ya ce kar in kuskura in wanke musu baki in mayar da su Kanawa. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na kashe waya a danfo: “Ban taɓa miki ƙa'idar rubutu ko ɗaya ba, kuma da gangan ne. Ba a yi wa ɗakin da za a rushe shafe. Littafin nan ba gyara yake so ba, sake gini yake so, kuma ga dalilaina.”

Dalili na farko shi ne wancan, labarin bai fara a inda na fara shi ba. Babi 13 ɗin nan zance ne da kai kuɗi da lefe da kamu da tafiyar amarya da zaman kishi, akwati nawa, atamfa nawa, wa ya harari wa. Ya ce ba wai ba su da daɗi ba ne, amma mai karatu bai san me yake jira ba. Ya ba ni gwaji mai sauƙi, in rufe littafin a ƙarshen babi na 3 in tambayi kaina wace tambaya ce mai karatu yake ɗauke da ita da za ta hana shi barci. A babi na 14 tambayar a fili take, shin za ta riƙe gidan ko za a kore ta. A babi na 3 babu, sai dai bari mu ga me zai faru, shi kuma wannan ba tambaya ba ce, haƙuri ne mai karatu yake ba ki bashi, kuma bashin yana ƙarewa. Ya kuma gane daga ina cutar ta fito duk da shi ba ya shiga guruf. A guruf kowane feji shi kaɗai yake tsayawa, mutum ya karanta yau sai jibi, dole in fara da tuna musu inda aka kwana kuma in rufe da abin da zai sa su dawo. To da na haɗe su sai ya zama kowane shafi huɗu ko biyar akwai maimaici, kuma akwai tashin hankalin ƙarya, a ƙwanƙwasa ƙofa Ladi ta zabura gabanta ya faɗi, feji na gaba ashe almajiri ne. Ya ƙirga irin wannan ƙwanƙwasar da sumewa da “abin da ta gani ne ya sa numfashinta ɗaukewa” ya samu 23, wanda ya haifar da wani abu na gaske 4 ne kawai. A waya ba a gani saboda kwana biyu sun shiga tsakani, a takarda kuwa juya shafi kawai za a yi a kama ki.

Dalili na biyu shi ya fi min ciwo kuma shi ya fi tsawo a wasiƙar, shafi biyu cur. Ya ce Ladi ba ta yin komai, yi mata ake yi. Ya jero manyan juyi 11 na labarin, a gaban kowanne ya rubuta wa ya jawo shi. Aure, babanta. Zuwa Legas, mijin. Rikicin gida, uwargida. Fara sayar da tuwo a bakin tasha, maƙwabciya ce ta ba ta jari ta kuma kama mata wuri. Gano cewa ƙanin miji ya ɓoye takardar gida, yaro ne ya ji ana magana ya zo ya faɗa mata. Ƙarshe kuma wani Alhaji mai kuɗi da bai taɓa fitowa ba sai babi na 36 ya gan ta ya ji tausayi ya sayi gidan ya ba ta ya aure ta. Cikin 11, ɗaya ne kawai ita ta yanke, ranar da ta ƙi shiga motar da za ta mayar da ita ƙauye. Ya rubuta, “Wannan ita ce fitowa mafi ƙarfi a littafin kuma ba haɗari ba ne, ita kaɗai ce inda yarinyar ta zaɓi abu ta kuma biya kuɗinsa. Ina son littafi mai irin wannan guda goma.”

Ni fa a nan na yi gardama a raina sosai, dan na ce ai haka rayuwar matanmu take, yi musu ake yi, kuma haƙuri shi ne darasin littafin. Kamar ya san zan faɗa, sakin layi na gaba ya amsa. Ya ce haƙuri ma aiki ne idan an nuna abin da mai haƙurin ta iya yi ta fasa, amma mace da ke zaune tana kuka babi bayan babi har Allah ya jefo Alhaji, mai karatu tausayinta zai ji ba zai bi ta ba. Kuma ya ce in tuna matan Agege da na tashi a gabansu, masu tuwo da masu adashi da dillalai, wacce a cikinsu ta zauna jiran Alhaji? Wannan ta shige ni, dan kakata ta wajen uwa da kuɗin waina ta aurar da 'ya'ya huɗu.

Na uku gajere ne, kan idon da ake ganin labarin da shi. A fitowa ɗaya ina cikin zuciyar Ladi, layi biyu a ƙasa na faɗa zuciyar uwargida, sai ta ƙanin miji yana ƙulla sharri, sai kuma ni marubuciya in leƙo in ce “ni kuwa na ce hmm, su Ladi an shiga uku”. A guruf ana son wannan, kamar hira ce. Ya ce matsalar ba ta ado ba ce, tun babi na 16 na shiga kan ƙanin miji na faɗa wa mai karatu inda takardar gida take, sannan na sa Ladi ta yi babi 15 tana neman abin da kowa ya riga ya sani. Shawararsa in tsaya a idon Ladi daga farko har ƙarshe, abin da ba ta gani ba ba ta ji ba mu ma kar mu sani.

Sai na huɗu, wanda ya ba ni kunya har na rufe fuska ni kaɗai a ɗaki. Labarin 1998 ne zuwa 2000, amma a babi na 9 mijin ya kira Ladi a wayar hannu daga kasuwa, alhali layukan wayar salula irin na yanzu sai 2001 suka fara aiki a ƙasar nan. A wani wuri an ba ta 'yar dubu ɗaya guda, ita kuwa takardar naira 1,000 a 2005 ta fito, ta 500 ma 2001 ce. Na kuma sa ta hau doguwar motar BRT, wadda sai 2008 aka fara, lokacinta molue ne da danfo. Mafi muni rabon gado, na ba kowace mata tumuni nata daban, alhali idan mamaci ya bar 'ya'ya kashi ɗaya cikin takwas ɗin nan shi matan za su raba tsakaninsu, su biyu kenan kowacce ɗaya cikin sha shida. Ya ce da wayar ce kaɗai da sai a goge layi, amma duba ki gani, sau 6 waya ce ke warware matsala a littafin, in aka cire ta dole wani ya taka da ƙafa ya je, ko saƙo ya makara, ko a aiki yaro ya ɓata maganar a hanya, kuma lissafin gadon shi ne ƙashin bayan rikicin gaba ɗaya. Shi ya sa ya sa su a wasiƙar gini bai bar su sai lokacin gyaran layi ba.

Bai rubuta min ko jimla ɗaya ta labarin ba, wannan na lura da shi. Ya nuna ciwo ya faɗi dalili, wani wurin ya ba da hanya biyu ya ce in zaɓa ko in kawo ta uku. A ƙarshe ya ba ni aiki guda ɗaya, ya ce kar in taɓa littafin tukuna, in sayi littafin rubutu mai falle 80 in ja layi gida huɗu, kowace fitowa layi ɗaya: wa ke ciki, me Ladi take so a nan, me ya tare ta, me ya canza kafin fitowar ta ƙare. In na gama in zo mu zauna. Ya rufe da cewa littafina ne, in na ga zan buga shi a yadda yake zai duba min ƙa'idar kamar yadda na roƙa, amma ba zai ɓoye min abin da ya gani ba dan amanar babanmu.

Na kira wata ƙawata da muke rubutu tare na karanta mata, ta ce ke rabu da tsohon nan, mutum nawa suka bi littafin nan suna kuka, shi ya taɓa tara mutum ɗari a guruf? Maganar ta min daɗi kwana ɗaya. Abin da ya karya ni lissafin Shomolu ne, dan na riga na je na tambaya, mai buga littafin ya ce a ƙaramin girman nan na A5 shafi yana cin kalma wajen 300, kenan littafina ya haura shafi 430, kuma kuɗin takarda da farantin injin bugawa da ɗinki duk da yawan shafi suke tafiya. Na zauna na ce yanzu zan biya kuɗin buga shafi 130 na lefe da harara, in ɗora wa mai saye, bayan an nuna min da lamba cewa labarin bai fara ba?

Jadawalin nan sati uku ya ci min, da daddare, wani lokacin da fitilar waya in an ɗauke wuta. Fitowa 188 na samu. Gida na huɗu shi ne mai tona asiri, me ya canza. Sai in karanta fitowa mai shafi uku da nake ji da ita, Ladi da maƙwabciya suna hira suna tsinke zogale, in zo cike gidan in rasa abin rubutawa, sun shiga da damuwa sun fita da ita, ba wanda ya san sabon abu ba wanda ya yanke komai. Da farko ina yi wa kaina wayo ina rubuta “an ƙara sanin halinta”, da na ga na rubuta haka sau goma sha na daina yaudarar kaina na koma ja masa layi kawai. Guda 71 suka fito da layi. Gida na biyu ma ya ba ni mamaki, me take so, babi bakwai a jere abin da na iya rubutawa shi ne “a ƙyale ta”. Na kuma danna Ctrl+F na nemi “hawaye”, abin da ya fito ba zan faɗa ba, mutuncina.

Ranar Asabar na ɗauki littafin jadawalin na tafi Idi-Araba, na same shi a ƙofar gida kan tabarma bayan la'asar. Ya juya shafukan a hankali yana bin layukan da yatsa, ya ce to 'yata yanzu ke kika faɗa ba ni ba. Muka yi awa biyu. A nan ne na yi musu da shi kan abu ɗaya kuma ban janye ba. A wasiƙar ya ce mutanen littafin sun yi yawa, 34 masu suna, in haɗe maƙwabta uku su zama ɗaya, in kuma cire wata tsohuwa mai sayar da goro a bakin layin dogo dan ba ta taɓa labarin. Maƙwabtan na yarda, dama biyu daga ciki dan masu karatu sun roƙa na ƙirƙiro su. Tsohuwar kuwa na ce Baba a yi haƙuri wannan ba za ta fita ba, ita kaɗai ce ta san yadda aka sayi filin gidan tun zamanin uban mijin, ita ce shaida. Ya ce to me ya sa ba ta yi shaidar ba a littafin? Na yi shiru. Ya ce in za ki bar ta ki ba ta aiki. Kun ga daga wannan musun ne ƙarshen littafin ya fito, Alhajin babi na 36 ya tafi gaba ɗaya, Ladi ce da kanta take bin tsohuwar nan wata da watanni tana kai mata tuwo, tsohuwar tana ƙi saboda ƙanin mijin yana ba ta goro bashi kuma in ta yi magana bakin sana'arta ya rufe, har ranar da za a zauna gaban dattawan unguwa a fadar sarkin Hausawa. Ita ma Ladi sai da ta rasa wani abu, dan ta sayar da ɗan kunnen aurenta ta biya wa tsohuwar bashin, kuma ba duk gidan ta samu ba, ɗaki biyu ne rabon 'ya'yanta da nata, daidai lissafi. Na kai wa wani malami a masallacin unguwarmu rabon ya duba min kafin in rubuta.

Wajen sake rubutun na yi kuskure ɗaya da ya cinye min wata guda. Na buɗe tsohon fayil ɗin ina gogewa ina cusa sabo a ciki, sai ya zama kamar ɗinkin tsumma, a babi na 20 ana maganar abin da na riga na cire a na 5, muryar da ta yanzu suna karo. Da na kai masa babi uku ya karanta shafi biyu ya ce tsohon yana jan ki baya, buɗe sabon fayil fari fat, ki aje tsohon a gefe, duk abin da kike so daga ciki ki sake buga shi da yatsunki kar ki kwafa ki manna. Na ga kamar wahala ce kawai irin ta tsofaffi, ashe dabara ce, jimlar da ba ta kai ba ƙyuya ma ba za ta bar ki ki sake buga ta ba, da kanta take faɗuwa.

Sabon ya fara da asubar da aka shigo da gawar mijin, Ladi tana riƙe da yaro tana jin ƙanin mijin a zaure yana tambayar makullin ɗakin ajiya tun ba a yi wanka ba. Babi 13 ɗin can ba duka suka mutu ba, abin da ake buƙata daga cikinsu ya dawo gutsi gutsi a cikin takaba, wata huɗu da kwana goma tana zaune a ɗaki dama lokacin tunani ne, lefen da na ba babi biyu ya koma sakin layi ɗaya ranar da ta buɗe akwati tana lissafin abin da za ta iya sayarwa, kuma wallahi ya fi taɓa zuciya a haka dan yanzu kowace atamfa kuɗin abincin sati ce. Cire wayar ma alheri ya zama, labarin rasuwar sai da ya kwana huɗu kafin ya isa ƙauyensu ta hannun direban motar shanu, kafin babanta ya iso an riga an yi abin da aka yi. Tsayawa a idonta kaɗai shi ya fi wuya, sau da yawa hannuna yana ƙaiƙayi in leƙa zuciyar uwargida, dole na koyi nuna ta daga waje, yadda take aje kwano, wa take gaisarwa wa take tsallakewa. A haka ma uwargidan ta daina zama muguwa zalla, dan ita ma ɗaya cikin sha shida gare ta kuma ita ma ba ta da inda za ta.

Wata tara na yi. Ya tsaya a kalma 68,000, babi 24, wajen shafi 230 a lissafin Shomolu, kuma in na ƙiyasta abin da ya tsira daga tsohon bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Wasu 'yan guruf da na ba su babin farko su ɗanɗana sun ji haushi, ɗaya ta ce ina bikin, ita dan bikin ta so littafin, wata ta ce na cuci Ladi da na hana ta Alhaji. Ban iya ba su amsa ba, dan nima akwai fitowar kamun amaryar nan da har yanzu nake jin ta a raina, tana nan a wani fayil na kasa gogewa.

Wasiƙa ta biyu shafi ɗaya da rabi ce. Ya ce babi na 11 zuwa 13 sun yi sanyi, tsohuwar ta ƙi sau uku iri ɗaya, ko dai kowace ƙi ta zo da sabon dalili ko in mayar da su biyu, kuma ƙaramin yaron Ladi ya ɓace daga babi na 15 har na 21 ba wanda ya tambaye shi. Na duba, haka ne, na manta da yaro ɗungurungum. Tare da wasiƙar sai ga fayil ɗin littafin ya dawo ta Track Changes ja wur kamar an yanka kaza a kai, “ya na” da ya kamata ya zama “yana”, “akan” da “a kan” da na cakuɗa, “kashi” inda nake nufin “ƙashi”, gyara sama da 2,000. Na kira shi na ce Baba ai wannan shi na kawo tun farko. Ya ce eh, yanzu ɗakin ya tsaya. Ina babi na 9 a karɓar gyaran, yaron kuma na samo masa wuri, yana wajen uwargida.